Wasiƙar ma'aji ga masu ba da gudunmawa: a gama lissafi kafin a ɗauki biro

"Assalamu alaikum. Ni ne sabon ma'ajin wata ƙungiyar tallafa wa marayu a Tudun Wadan Zariya. Mun tara kuɗi kafin azumi, mun raba abinci da kayan sallah, mun kuma gyara rijiyar burtsatse. Yanzu shugaba ya ce in rubuta wa waɗanda suka ba da kuɗin wasiƙa, in nuna musu yadda aka kashe. Ina da hotuna da yawa, ga kuma rasit cike da leda. Me zan sa a ciki, ta ina zan fara?"

Wa'alaikumus salam, Malam Ma'aji. Allah ya taya ka riƙo.

Ajiye hotunan nan a gefe tukuna. Hoto yana nuna an yi rabo, amma ba ya faɗin nawa aka karɓa, nawa aka kashe, nawa ya rage, kuma waɗannan ukun su ne abin da wanda ya ba ku kuɗinsa yake jiran ji daga bakin ma'aji. Rubuta wasiƙar kanta ba ya cin awa guda. Aikin yana cikin ledar rasit ɗin, kuma abin da za ka fito da shi daga cikinta lissafi ne guda ɗaya: abin da ke asusu ranar da aka fara, a haɗa da abin da ya shigo, a ɗebe abin da ya fita, sai a ga saura. Wannan sauran dole ya yi daidai da abin da banki ya ce kuna da shi, haɗe da tsabar da ke hannunka. In bai yi daidai ba, lokacin aika wasiƙa bai yi ba.

Saboda haka fara da tsayar da rana biyu, ranar buɗewa da ranar rufewa. "Lokacin azumi" ba rana ba ce. Ka ce daga 1 ga Fabrairu zuwa 30 ga Afrilu, ko duk ranakun da suka dace da aikinku, sannan ka je banki ka karɓo sitatimen na waɗannan ranaku daidai. Kada ka dogara da saƙonnin alat da ke wayarka. Wani saƙon ba ya shigowa, wani yana shigowa sau biyu, wani ma na bogi ne. A ranar rufewar kuma ka kira mutum biyu daga cikin 'yan ƙungiya, waɗanda ba sa cikin masu sa hannu a asusun banki, su ƙirga tsabar da ke hannunka a gabanka, a rubuta a takarda, su sa hannu.

Abu na biyu shi ne wanda sababbin ma'aji suka fi tuntuɓe a kai. Kuɗin da ke asusunku a wuri ɗaya suke zaune, amma ba iri ɗaya ba ne. Wanda ya ce ga zakkarsa, da wanda ya ce ga na kayan sallar marayu, da wanda ya ce ga na gyaran rijiya, kowannensu amana daban ya ba ka, kuma kowanne yana da haƙƙin ganin lissafin abin da ya bayar dominsa. Zakka ce ta fi tsauri, domin aya ta 60 a Suratut Tauba ta ƙayyade mutum takwas da ake ba wa. Maraici shi kaɗai ba ya cikin takwas ɗin. Maraya yana shiga ne idan faƙiri ne ko miskini, kuma mafi yawan malamai ba su yarda a yi gini ko gyaran rijiya da kuɗin zakka ba. Ni akanta ne, fatawa ta malaman ƙungiyarku ce. Amma ta fuskar lissafi, in ka cakuɗa zakka da sadaka a layi ɗaya, ka hana mai zakka sanin ko farillarsa ta sauka inda ya kamata.

Bari mu yi aikin da misali. Alƙaluman nan ni na tsara su don bayani, ba farashin kasuwar yau ba ne, sai ka maye su da naka.

A ce ranar buɗewa akwai naira 185,000 a asusu, ragowar kuɗin gudanarwa. Littafinka ya nuna kuɗi iri uku sun shigo: zakka naira 900,000, sadakar abinci da kayan sallah naira 2,340,000, sai wani Alhaji guda da ya ba da naira 400,000 ya ce na gyaran rijiyar burtsatse ne. Jimillar abin da ya shigo ke nan naira 3,640,000.

Yanzu ka zazzage ledar rasit a kan tabarma, ka kasa su kashi huɗu, kowane rasit ya bi kuɗin da aka biya shi da su. Kashin zakka mai sauƙi ne: gida 30, kowanne naira 30,000, kuɗin sun ƙare cif. Kashin sadaka ya fi yawan takardu. An sayi shinkafa buhu 15 a kan naira 70,000 kowanne, wato naira 1,050,000. An yi wa yara 80 yadi a kan naira 9,000 kowane yaro, naira 720,000 ke nan, ɗinkinsu kuma naira 4,000 kowanne, ya kama naira 320,000. Kuɗin mota daga kasuwar Sabon Gari, da 'yan dako, da ledojin rabo sun ci naira 62,000. Sadaka ta tashi naira 2,152,000, saura naira 188,000. Rijiya ta ci naira 255,000, saura naira 145,000. Daga kuɗin gudanarwa an kashe naira 20,000 a cajin banki da buga littafin rasit, saura naira 165,000.

Ka lura da yadda na rubuta kowane saye: adadi, farashin ɗaya, sannan jimilla. Haka za ka yi a wasiƙar. In ka rubuta "kayan abinci, naira 1,050,000" kawai, mai karatu ba shi da abin yi sai ya yarda ko ya yi zargi. In ka rubuta buhu 15 a kan naira 70,000, ɗan kasuwar da ke cikin masu ba ku kuɗi zai auna da farashin da ya sani a wancan makon, ya gamsu da kansa ba tare da ya tambaye ka ba.

To, bisa littafinka, saura uku ɗin nan in an haɗa su naira 498,000 ne. Sai ka duba sitatimen ka ga naira 531,000, tsabar da aka ƙirga kuma naira 27,000. Haɗe, naira 558,000. Kuɗin da ke ƙasa sun fi na littafi da naira 60,000.

Da yawa a nan suke yin hamdala su wuce, tunda ƙari aka samu ba giɓi ba. Kuskure ne. Ƙarin da ba a san mafarinsa ba alama ce ta cewa littafin bai faɗi gaskiya ba a wani wuri, kuma sau da yawa kuɗin wani ne da ba a biya shi ba. Ka ɗauki biro, ka bi sitatimen layi-layi, duk layin da ka same shi a littafi ka sa masa alama a wuri biyun. Abin da ya rage babu alama, nan matsalar take. A misalinmu abu biyu za su fito. Na farko, tela: littafi ya ce naira 320,000 domin haka aka yi ciniki, amma abin da ya fita daga banki zuwa gare shi naira 280,000 ne. Yana bin ku naira 40,000, wataƙila ma kunya ce ta hana shi tambaya, tunda aikin marayu ne. Na biyu, wani ya turo naira 20,000 ta hannun mai POS, sunan mai shagon ne ya fito a sitatimen, bai kuma sanar da kowa ba, don haka ba a rubuta ba. Arba'in da ashirin, sittin ta fito.

Yanzu alƙaluman gaskiya sun zauna. Abin da ya shigo naira 3,660,000. Abin da aka biya a zahiri naira 3,287,000. Saura naira 558,000, daidai da banki da tsaba. Ga yadda jikin wasiƙar zai kasance, bayan sunan ƙungiya da adireshi da kwanan wata a sama:

"Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da fatan an yi sallah lafiya, wannan bayani ne na kuɗin da kuka damƙa wa ƙungiya daga 1 ga Fabrairu zuwa 30 ga Afrilu.

Mun buɗe da naira 185,000. Mun karɓi naira 3,660,000. Mun biya naira 3,287,000. Saura naira 558,000, wato naira 531,000 a banki da naira 27,000 a hannun ma'aji.

Zakka: an karɓi naira 900,000, an raba wa gida 30, kowanne naira 30,000. Babu saura.

Abinci da kayan sallah: an karɓi naira 2,340,000. Shinkafa buhu 15 a kan naira 70,000, yadin yara 80 a kan naira 9,000, ɗinki a kan naira 4,000 kowane yaro, sufuri da dako da leda naira 62,000. Jimilla naira 2,152,000, amma a ciki tela yana bin mu naira 40,000, za mu biya shi a wannan makon. Bayan an biya shi, saura naira 188,000.

Gyaran rijiyar burtsatse: an karɓi naira 400,000, an kashe naira 255,000. Saura naira 145,000, suna ajiye har sai mai su ya faɗi abin da za a yi da su.

Gudanarwa: cajin banki naira 7,400, buga littafin rasit naira 12,600. Saura naira 165,000.

Akwai naira 20,000 da suka shigo ranar kaza ba mu san wanda ya turo ba, ba mu kuma san da wace niyya ya bayar ba. Muna roƙon mai su ya tuntuɓi ma'aji.

Rasit da sitatimen da takardun rabo suna ofis, duk mai son dubawa ya zo ranar Asabar bayan la'asar. Allah ya karɓa, ya saka muku da mafificin alheri."

Shafi ɗaya ke nan. Za ka ga ban cika ta da godiya da yabo ba. Addu'a layi ɗaya ta wadatar, domin mutum in ya ga an yi masa doguwar shimfiɗa kafin a kai ga alƙaluma, sai ya fara tunanin akwai abin da ake rufewa.

Ragowar kuɗin rijiyar nan tana buƙatar ƙarin magana, domin a nan ne mutanen kirki suke yin ɓarna da kyakkyawar niyya. Za a zauna taro, wani ya ce ai ga wata bazawara tana asibiti a Shika, ga kuma naira 145,000 a kwance, a ɗauka mana, ai duk aikin Allah ne. Buƙatar gaskiya ce, amma kuɗin ba na kwamiti ba ne. Alhajin ya ambaci abin da ya bayar dominsa. Ka kira shi, ko ka je har gida, ka gaya masa aikin ya ƙare da saura, ka ba shi zaɓi: a mayar masa, a ajiye don gyaran gaba, ko a juya zuwa wani aikin. Kusan kullum cewa zai yi a juya, amma daga bakinsa ya kamata ta fito, ka kuma sa ya turo maka amsar a rubuce ko da saƙon waya ne, ka buga ka haɗa da takardu. Idan kuwa an riga an taɓa kuɗin kafin a tambaye shi, to ka faɗa a wasiƙar ƙarara: an ɗauki kaza daga kuɗin rijiya an yi kaza, a rana kaza, bisa shawarar kwamiti, za a mayar ta hanya kaza. Ragowar sadakar kayan sallah ma haka take, sai dai tunda masu ita suna da yawa, ya isa ka rubuta abin da kwamiti ke shirin yi da ita, ka ba da mako biyu ga duk wanda bai amince ba.

Abubuwa biyu kada su shiga lissafin naira. Ɗaya alƙawari ne. Wanda ya miƙe a wurin ƙaddamarwa ya ce ya ba da naira 300,000 bai ba da komai ba sai ranar da kuɗin suka sauka. In kana so ka ambata, ka ce akwai alƙawuran da suka kai kaza ba su shigo ba tukuna, ba tare da suna ba. Ɗayan kuma kaya ne. Manomin da ya aiko da masara buhu 10 daga Giwa, rubuta masa sashe na daban: an karɓi buhu 10, an raba buhu 10. In ka yi musu kuɗi ka zuba cikin jimillar naira, lissafinka da banki ba zai taɓa haɗuwa ba.

Na san cikin ledar nan akwai sayayyar da ba ta da rasit. Ɗan dako ba ya ba da rasit, mai a-daidaita-sahu ma haka, wasu 'yan kasuwar kuma a bayan kwalin sigari za su rubuta maka. Maganinsa bauca ce ta ƙungiya: takarda mai lamba, a rubuta rana, abin da aka saya, nawa, wa aka biya, lambar wayarsa, ya sa hannu ko ya dangwala, wanda ya raka ka ya shaida. Na baya da suka wuce, rubuta musu bauca yanzu da kwanan watan yau, ka nuna a jiki cewa bayan an yi sayen aka rubuta, shugaba ya sa hannu. Kada ka je wurin ɗan kasuwa ya rubuta maka sabon rasit da tsohon kwanan wata. Ranar da aka gane guda ɗaya, sauran na gaskiyar ma sun zama abin zargi.

Haka kuma in mai shinkafa ya yi ragi, ko ya ɗora maka rabin buhu ya ce wannan naka ne Ma'aji, na ƙungiya ne, ka rubuta shi. Hadisin Ibnul Lutbiyya da ke cikin Buhari da Muslim a kan wannan yake: an aike shi karɓar zakka, ya dawo ya ce wannan naku ne, wannan kuma kyauta aka ba ni, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce me ya hana shi zama a gidan mahaifinsa da mahaifiyarsa ya ga ko za a kawo masa kyautar.

Game da sunaye, wasiƙar da za ta je ga kowa kada ta ɗauki sunan maraya ko na uwarsa, kada kuma ta ɗauki jerin masu bayarwa da abin da kowa ya bayar. Takardar rabo mai sa hannu ko dangwalen waɗanda suka karɓa, da shaidar mai unguwa ko limami, a ofis take zama. A unguwa irin taku kowa ya san kowa, kuma takardar da ta shiga WhatsApp ba ta dawowa. Amma akwai wata dabara da nake so ka ɗauka. Kowane mai bayarwa ka haɗa masa 'yar takarda tasa shi kaɗai: mun karɓi naira kaza daga gare ka ranar kaza, rasit mai lamba kaza, don aiki kaza. A bayan babbar wasiƙar kuma ka jera lambobin rasit da adadin kowanne, babu suna. Kowa zai nemi lambarsa ya ga kuɗinsa na cikin jimillar. Wannan ita ce hanyar da ke tabbatar da ɓangaren shigar kuɗi, musamman tsabar da aka karɓa hannu da hannu, wadda banki bai san da ita ba. Hotunan kuwa, zaɓi biyu ko uku na buhuna da rijiya da ɗinkunan a jere, ka bar fuskokin yaran.

Ba kai kaɗai za ka sa hannu ba. Kai da shugaba, sannan mutum biyun da suka ƙirga tsaba su duba rasit da sitatimen, su rubuta a ƙasa cewa sun duba sun ga ya yi daidai. Kada ka rubuta cewa odita ya tantance in ba odita ne ya tantance ba. Idan ƙungiyarku tana da rajista da hukumar CAC a matsayin amintattu, dokar kamfanoni ta 2020 ta ɗora muku ajiye takardun lissafi har shekara 6, da miƙa rahoton shekara tsakanin 30 ga Yuni da 31 ga Disamba, don haka ledar nan ta koma fayil. Idan kuma har yanzu a asusunka na kanka ake turo kuɗin, wannan wasiƙar ta zama ta ƙarshe da za ka rubuta a haka. Ku buɗe asusu da sunan ƙungiya, mai sa hannun mutum biyu. Banki zai nemi takardar rajista, galibi har da shaidar SCUML, sashen da ke ƙarƙashin EFCC.

Saura idan giɓi ka samu maimakon ƙari. Kafin hankalinka ya tashi, akwai wuraren da kuɗi suka saba ɓuya. Fara da cajin banki, domin kusan babu ma'ajin da ke rubuta su yayin da ake cirewa: kuɗin saƙon alat, kuɗin kula da asusu, da harajin naira 50 da ke kan tura kuɗin da suka kai naira 10,000. Sai ladan mai POS a duk lokacin da aka ciro tsaba. Sai gudunmawar da aka rubuta sau biyu, sakatare ya rubuta da ya ga sanarwa, kai ma ka rubuta da ka ga alat. Sai alat ɗin da aka nuna maka a waya amma babu shi a sitatimen. In duk ba su ba ne, raba giɓin da 9. Idan ya rabu ba saura, akwai yiwuwar an juya lambobi ne wajen kwafa, kamar a rubuta 54,000 a maimakon 45,000, bambancinsu 9,000. Ka kuma raba shi biyu ka nemi wannan adadin a littafi, domin kuɗin da suka fita in aka rubuta su a ɓangaren shiga, giɓin da suke haifarwa ninki biyu ne.

In ka bi duk wannan, naira 13,000 a misali ta ƙi fitowa, kada ka cusa ta cikin "sauran ƙananan abubuwa", kada kuma ka cike daga aljihunka a ɓoye, domin in ka yi haka ka binne dalilin, baɗi ma zai sake faruwa. Kai wa kwamiti, a rubuta a bayanin taro, a yanke ko wani zai biya ko ƙungiya za ta ɗauka. Sannan ka ƙara layi ɗaya a wasiƙar: akwai naira 13,000 daga tsabar da aka kashe a ranakun rabo da ba mu samu takardarsu ba, kwamiti ya yanke kaza, kuma daga yanzu ba za a fitar da tsaba ba sai da bauca.